Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Satin Nafi'u na biyu a marinar Ƙofar Mata, Kawu Sale ya aike shi ɗakin ajiya ya ɗauko buhun toka. Da ya janye buhun sai ya ga rubutu a jikin bango, can ƙasa, daidai inda hannun yaro zai kai in yana zaune. Da ƙusa aka karce shi, da ajami. Ya durƙusa ya haɗa baƙaƙen kamar yadda ya koya a makarantar allo: ruwa ba ya tsami banza.

"Kawu, wa ya yi rubutun can?"

"Kawo tokar," in ji Kawu Sale, bai ko ɗago kai ba.

Nafi'u ya ɗauka ya gane maganar. Ai ga ta nan a fili. An zuba ruwa a karofi, an zuba baba da toka da katsi, an bar su kwana da kwanaki suna ruɓewa, kullum ana motsawa da muciya har kumfa ya taso, wari ya cika wurin. Ruwan da ya yi tsami, baba ne ya sa shi. Ya faɗa wa sauran yaran haka, suka yi masa dariya.

Aikin bai yi masa wuya ba. Ya iya tsoma zane ya ɗago, ya bar shi ya sha iska yana kallon koren yana juyewa shuɗi, ya sake tsomawa. Ya iya amsa wa baƙi masu ɗaukar hoto cewa tun 1498 aka ce ana rini a nan. Kafin damina hannunsa ya rine har gwiwar hannu, yana alfahari da shi.

A wata na biyar karofinsa ya mutu. Ya tsoma yadi sau goma, ya fito fari-fari kamar an jiƙa shi a kududdufi. Ya ce maƙiya ne. Ya ce baban da aka kawo bana ba shi da kyau. Kawu Sale ya zo ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya shinshina.

"Yaushe rabonka da motsa shi?"

Nafi'u ya yi shiru. Kwana uku ke nan, ana bikin abokinsa a Yakasai.

"Yadin nan ka wanke shi kafin ka tsoma?"

Nan ma shiru. Kawu bai yi faɗa ba, ya miƙa masa guga. Kwana biyu yana kwashe ramin da ya fi tsayinsa sau uku, bayansa kamar zai tsage. Da ya shiga ɗakin ajiya ɗaukar sabon baba, bai yarda ya dubi bangon ba.

Shekara ta zagayo, sai Kawu Sale ya canza. Mutumin da ba a jin muryarsa ya koma mai tsawa. Ya kori yara biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani Buzu da ke zuwa daga Agadez sayen rawani ya dawo da kaya, wai launin bai kama ba, Kawu ya yi masa ihu a gaban jama'a. Marina ta ɗauka: tsufa ne, rowa ce, zuciyarsa ta yi baƙi kamar hannunsa.

Nafi'u ma har ya haɗa kayansa. A daren, yana kwance, ya tuna da tafin hannun Kawu cike da mataccen ruwa, da tambayoyin nan biyu. Ya mayar da kayan.

Ya fara lura. Kawu ya daina ɗaga zane a rana don duba launi, sai ya shafa shi da yatsu. Kuɗi kuwa sai ya kai su dab da hanci. Ran nan Nafi'u ya ajiye yadi biyu a gabansa, ɗaya shuɗi mai haske, ɗaya mai duhu kamar dare.

"Kawu, wanne ne na Hajiya?"

Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wanda ba shi ba. Nafi'u ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Tun kafin azumi. Kamar hayaƙi nake gani." Muryarsa ta yi rawa. "Marinin da ba ya ganin launi, wa zai kawo masa aiki?"

Ranar Litinin suka tafi asibitin ido. Likita ya ce yana ce, ana cirewa, ya sa musu rana. A hanyar dawowa Kawu ya riƙe kafaɗarsa za su tsallaka titi.

"Ina shekara 12 na yi rubutun nan," ya ce. "Ranar da na kashe wa mahaifina karofi. Shi ya faɗa, ni na karce ina kuka."

Suna isa marina Nafi'u ya zaunar da shi a inuwa, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki muciya ya nufi karofin Kawu.