Wasiƙa zuwa ga Malam Nasiru kan lissafin kuɗina

Funtua, 9 ga Nuwamba 2025

Assalamu alaikum Malam Nasiru,

Barka da aiki, ya iyali ya kuma hidima da jama'a, Allah ya taimaka. Sunana Malama Binta, ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a nan Funtua. Hajiya Rabi ce ta haɗa ni da kai, ta ce kai ka tsara mata yadda ta fita daga bashi bayan rasuwar maigidanta, kuma ta ce in rubuto maka komai kafin mu zauna kar in ɓoye ko sisi, to ga shi nan, ka yi haƙuri da tsawon.

Shekarata 47, shekara 22 ina aiki, ina mataki na 12. Maigidana ya rasu a 2021 ya bar ni da yara huɗu, babbar mace ta gama NCE, sai namiji da zai rubuta JAMB baɗi, sai ƙanana biyu ɗaya a JSS 2 ɗaya a firamare. Mahaifiyata ma tana wurina. Gidan da muke ciki gadon yaran ne da tumunina a ciki, don haka alhamdulillahi ba na biyan haya, wannan kaɗai ya rufa mana asiri ba kaɗan ba.

A takarda albashina 172,000 ne. Ana cire haraji da fansho da kuɗin ƙungiya da inshorar lafiya, duka 19,000, sai ajiyar kofaretib ɗinmu na malamai 10,000, sai biyan bashin kofaretib ɗin 22,000, abin da ke faɗowa alat 121,000 ne. Da yamma ina yi wa yaran gida uku lesin ana ba ni 25,000 a wata amma da an yi hutu shi ke nan ya tsaya. Ina kuma yin zoɓo da kunun aya yara na kaiwa shago, lokacin zafi ina samun ribar kamar 18,000, yanzu da sanyi ya fara shigowa kuwa sai dai a sha a gida. Akwai ɗan shago a jikin gidan da tela ke haya 60,000 a shekara, da makin ɗin WAEC da NECO da ke kawo kamar 40,000 a shekara, waɗannan biyun ban ma sa su a lissafin wata ba domin kayan sallah da kuɗin makarantar ƙananan ke cinye su tun kafin su zo. Kenan wata mai kyau 164,000, wata mara kyau 121,000 cak.

Fita kuma ga ta. Abinci 85,000, mu shida ne kuma ba wani cin daɗi muke ba, tuwo ne da shinkafa da wake, nama sai jefi jefi. Kuɗin keke napep nawa da na yara 18,000, kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ko rabin haka ba na kashewa. Gas da gawayi 12,000, wuta da ruwan 'yan garuwa 8,000, kati da data 5,000, maganin hawan jinin Inna 9,000, islamiyya 3,000, zubin adashi 20,000, bankin da nake biya 18,500. In ka tara 178,500 ne. Wato ko a watan da komai ya tafi daidai akwai giɓin 14,500, a watan da hutu da sanyi suka haɗu giɓin ya kan haura 50,000, kuma ban sa biki da suna da gaisuwar rasuwa da ɗan'uwa da zai bugo waya ya ce yaro ba lafiya ba. Da aka ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000 a 2024 mun ga ƙari gaskiya, amma kasuwa ta riga mu karɓa.

Sai basussuka. Na kofaretib 264,000 na karɓa don gyaran rufin ɗaki da damina ta lalata, ba ruwa a kansa sai kuɗin fom, na biya wata biyar saura 154,000. Wannan bai dame ni ba tunda tun daga sama ake cirewa. Wanda ke hana ni barci shi ne na wani ƙaramin banki, 150,000 na karɓa lokacin da aka yi wa Inna aikin ido, zan biya 18,500 sau 12, jimla 222,000, wato 72,000 ne ruwa a kai. Na biya huɗu saura 148,000. Ni malamar lissafi ce na san abin da na sa wa hannu, likita ne ya ce ba a jira kuma ba inda ban buga ba a lokacin, amma wallahi kullum in alat ɗin cirewar ya shigo sai gabana ya faɗi, ba don kuɗin kawai ba, riba ce kuma na san hukuncinta. Mai shagon unguwarmu yana bi na 37,000 na kayan abinci. Yayana ya ranta min 100,000 bai sa rana ba bai kuma taɓa tambaya ba, wanda hakan ma ya fi nauyi, don matarsa ta sani. Adashi mu goma ne, na riga na kwashi nawa 200,000 ya tafi a rajistar jarabawa da bashin baya, saura zubi biyar a kaina, 100,000 kenan, mutane ba sa kiran wannan bashi amma ni bashi na ɗauke shi. Duka duka 539,000.

Abin da na mallaka ba yawa. Ajiyata a kofaretib ta kai 310,000 sai dai dokarmu ba a taɓa ta in ana bin ka bashi. Tumaki biyu a ƙauye wajen ƙanena. Sai sarƙa da ɗan kunne na zinare giram 6 da marigayi ya saya min, na kai an auna an ce za a ba ni 850,000.

To a nan ne babbar tambayata take Malam. In na sayar da zinaren yau zan iya kashe bashin banki da na mai shago da na Yaya, 285,000, in rage da 565,000 a hannu, kuma 18,500 ta dawo min duk wata, giɓin wata mai kyau ya toshe. A lissafi na ga haka ya fi. Amma zinaren nan shi na ajiye don kayan ɗakin babbar yarinyar, an riga an kawo kuɗin gaisuwa, ana maganar biki bayan babbar sallah. Dangin babanta sun ce za su yi gado da katifa, to ka san sauran, kujeru da kayan kicin da labule da gara duk ni za a kalla, kuma a garin nan mata sai sun shiga sun ƙirga. Ga shi zinare kullum tashi yake, naira kuma in ka ajiye ta a asusu wata bakwai sai ka tarar ta rame. In na sayar yanzu ina tsoron 565,000 ɗin ta zube a cefane da 'yan buƙatu kaɗan kaɗan kafin bikin, don kuɗi in yana waya hannu ba ya haƙuri. In ban sayar ba kuma ina ci gaba da biyan ruwa ina cin bashin shago. Shin in sayar da ɗan kunnen kawai in bar sarƙar? Ko in sayar duka in fara sayen kayan ɗakin tun yanzu ina ajiyewa? Sannan in na je biyan bankin gaba ɗaya kafin lokaci, ya kamata su rage min ruwan watannin da suka saura ko sai na biya 148,000 ɗin cif? Zan kawo maka takardar yarjejeniyar ka duba min, rubutun ƙanana ne sosai kuma Turancin lauyoyi ne.

Na biyu karatun yaron. Yana son injiniyanci a ABU Zariya, in bai samu ba Dutsinma. Na ji bayanin bashin ɗalibai na NELFUND cewa ba ruwa a kai kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya, zuciyata ta ɗan kwanta da shi, amma ina so ka gaya min nawa ya kamata in riƙa warewa duk wata don kuɗin karɓar gurbi da ɗaki da abinci, tunda waɗannan ba sa jira.

Akwai kuma shawarwarin da ake ta ba ni a ɗakin malamai. Wasu na cewa in sayi masara yanzu da kaka a Dandume in ajiye zuwa bazara, to amma waɗanda suka yi haka bara da tsada suka saya farashi ya faɗo a bana, na san mutum biyu da har yau ba su farfaɗo ba, ga kuɗin magani da na sito. Wata kuma ta dame ni da wani abu na waya wai ka zuba 50,000 a ba ka 15,000 duk wata, wannan kam na ce mata a'a, mun ga yadda MMM ta ƙare da mutane a 2016. Wanda ya ɗan ja hankalina shi ne firiza mai sola, domin rashin wuta ne ke kashe min sana'ar zoɓo, da ita zan iya haɗawa da ƙanƙara musamman da azumi ke matsowa. Kai za ka fi ni sanin ko wannan jari ne ko kuwa wani sabon bashin ne zan jawo wa kaina. Sukuk ma, takardun zuba jari marasa ruwa na gwamnatin tarayya, na ji ana iya shiga da 10,000, ka yi min bayani in mutum ya matsu yana iya fitar da kuɗinsa kafin wa'adi ko a'a. Duk abin da za ka tsara min dai dan Allah ya zama babu kuɗin ruwa a ciki, gara ribar ta yi kaɗan.

Hajji yana raina sosai, sai dai da na ji kujera ta haura miliyan 8 a bana na san ba maganar yanzu ba ce. In ka ga akwai hali ko 5,000 ne a wata in fara sakawa a asusun adashin gata na alhazai da NAHCON ke yi da bankin Jaiz to, in kuma ka ce in bari sai na gama da bashi zan bari.

Ritaya ita ce ba na son tunawa. In da shekara 35 na aiki za a bi saura min 13, in kuma dokar 2022 ta malamai ce mai shekara 40 na aiki ko 65 na haihuwa to saura 18, ni dai na fi so ka yi lissafi da 13 ɗin. Lokacin ƙaramar ba ta daɗe da gama jami'a ba in Allah ya sa ta yi, kuma na ga manyanmu da suka ajiye aiki yadda suke jiran haƙƙinsu.

Abu ɗaya nake roƙo, kar ka rubuta min tsarin da zai ce in daina ba dangi ko in daina zuwa biki, ba zai yiwu ba, su ne suka tsaya min lokacin takaba. Ka dai yanka min adadi, ko 7,000 ne a wata, in ya ƙare in san ya ƙare in iya cewa babu ba tare da jin kunya ba. Kuma ka jera min abin da zan fara da wanda zai biyo baya wata bayan wata har zuwa bikin, a takarda ɗaya da zan manna a bayan ƙofar ɗakina.

Ranar Asabar ba ni da makaranta, zan iya zuwa ofishinka da misalin 11 na safe in ya yi maka, zan zo da takardar albashi ta wata uku da littafin kofaretib da yarjejeniyar bankin. Ka sanar da ni kuɗin aikinka tun yanzu in shirya shi, kuma dan Allah maganar zinaren ta tsaya tsakaninmu, yaran ba su sani ba tukuna.

Na gode, a gaida mutanen gida.

Malama Binta