Haddar Burda Kafin Maulidi: Takarda Ga Ɗaliban Ajin Dare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗalibai, tun da muka yanke shawarar cewa a Maulidin bana za mu rera Burda da ka, ba tare da littafi a hannu ba, mutum uku ko huɗu daga cikinku sun same ni a zaure suna cewa abin ya fi ƙarfinsu. Wani ya ce shi tela ne, ba ya tashi daga kan keke sai magariba. Wata ta aiko mijinta ya gaya min tana da goyo. Shi ya sa na zauna na rubuta muku yadda za mu yi, don kowa ya ajiye a cikin littafinsa.

Mu fara da lissafi. A bugun da muke karatu da shi, ƙasidar Imam Busiri baiti 160 ce, a fasali 10. Idan muka ɗauki baiti uku kullum, daga Asabar zuwa Laraba kamar yadda makarantun allo suka saba, muna da baiti 15 a mako, cikin mako 11 mun sauke. Daga bayan Babbar Sallah zuwa 12 ga Rabi'ul Awwal kusan mako 13 ne, ke nan muna da rarar mako biyu na tilawa zalla. Wanda yake ganin wannan da yawa ya tuna da dattawanmu da suke rera Ishiriniya ta Alfazazi da ka, baiti ashirin ga kowane harafi, ga kuma tahamisin Ibn Mahib a kai.

Amma akwai abin da mai Ishiriniya yake da shi wanda ku ba ku da shi. A can harafi yana riƙe da hannun mutum: in yana cikin ba'un, ya san baitin asali da ba'un zai fara, da ba'un zai ƙare. Burda kuwa tun daga farko har ƙarshe ƙafiya ɗaya ce, mimun mai kasra. Salami, dami, Idami, haka har baiti na 160. Daɗin da kunne yake ji a nan shi ne yake yaudarar mai hadda, domin kowane baiti zai iya zama a bayan kowane baiti ba tare da kunne ya ji an yi tuntuɓe ba. A shekarun da na yi ina sauraron ɗalibai, da wuya na ga wanda ya kakare a tsakiyar baiti. Inda ake tsayawa shi ne gaɓa, wato an gama wannan, ba a san wanne ke biye ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa maganin wannan gaɓar ne.

Makon farko, kafin ku haddace ko baiti ɗaya, ku san hanyar da ƙasidar ta bi. Ku ɗauke ta kamar tafiya mai zango goma. Ana farawa da bege da hawaye. Sai faɗa da son zuciya. Sai yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wanda shi ne zango mafi tsawo, baiti 30. Sai haihuwarsa, sai mu'ujizoji, sai Alƙur'ani, sai Isra'i da Mi'iraji, sai yaƙoƙi da sahabbai, sai tuba da kamun ƙafa, sai addu'ar rufewa. Ku ɗora kowane zango a kan yatsa ɗaya, ku haɗa shi da kalmomin da suka buɗe shi: babban yatsan dama "Amin tazakkuri", manuni "Fa inna ammarati", na tsakiya "Zalamtu sunnata man", har ku kai ƙaramin yatsan hagu da "Ya akramal khalƙi". Ina so in tsayar da kowannenku a bakin ƙofa in ce "na bakwai", ya amsa min nan take ba tare da ya ƙirgo daga farko ba. Kuma ku lura tafiyar tana da dalili. Mai bege ya yi kuka, aka zarge shi, ya duba kansa ya ga furfura ta zo masa da gargaɗi bai ji ba, daga nan ya shiga zargin zuciyarsa. Da ya gama, sai ya tuna wanda ya raya dare da salla har ƙafafunsa suka kumbura, shi ke nan yabo ya buɗe. Wanda ya gane abin da ya sa wannan fasali ya haifi wancan ba zai ɓata tsakaninsu ba.

Yanzu hotuna, kuma a nan nake so mu daɗe. Busiri mutum ne da yake nuna abu a gani da ido, kusan kowane baiti da abin da za ka iya kallo. Saboda haka ba na yarda ɗalibi ya haddace baitin da bai ji fassararsa ba. Ku ɗauki fasali na biyu. Da farko baƙo ne ya sauka a kai, wato furfura, ba a yi masa tarbar kirki ba. Sai doki mai taurin kai da ake neman wanda zai ja masa linzami. Sai abinci da yake ƙara wa mai haɗama kwaɗayi. Sai jariri: zuciya kamar yaro ce, in ka ƙyale shi zai girma yana son nono, in ka yaye shi ya yayu. Can gaba dabba ce a makiyaya ana kiwonta, sai kuma guba a ɓoye cikin kitse. 'Yar'uwarmu mai goyo, wannan baitin na yaye ba sai an yi miki bayani ba, kin fi mu sanin kukan daren farko da kuma yadda yaro yake haƙura bayan kwana kaɗan. Ku jera waɗannan a zuci kamar kuna shiga gida: baƙo a zaure, doki a turke, akushi a tsakar gida, jariri a ɗaki, dabba a bayan gari. In kun kakare, tambayar kanku za ku yi me kuka gani na ƙarshe, abin da ke gabansa zai fito da kalmarsa.

Fasalin haihuwa ma haka yake, kamar ana ba da labarin dare ɗaya: fadar Kisra ta tsage, wutar Farisawa ta mutu, tafkin Sawa ya ƙafe, aljanu suna shela, taurari masu wuta suna korar shaiɗanu. A fasalin mu'ujizoji itatuwa ne suke tahowa, girgije yana inuwa, sai kogo da kurciya da gizo-gizo. Fasalin Mi'iraji kuwa tsani ne, kalmomin farkon baitoci su ne matakala: sarayta, wa bitta tarƙa, wa ƙaddamatka, wa anta takhtariƙu. Abu ɗaya na ladabi: hoton abubuwan da ke kewaye za ku riƙe, kogon da itacen da hasken, kada wani ya ce zai ƙirƙiri siffar Fiyayyen Halitta da tunaninsa.

Akwai ramuka a hanya, gara in nuna muku su tun yanzu. Baitoci da yawa suna farawa da "ka'anna" da 'yan'uwanta. Ina saurayi, a wani zaman Maulidi a unguwarmu, aka ba ni fasali na huɗu. Na zo wurin da shaiɗanu suke gudu, inda ya kamata in ce "Ka'annahum haraban abɗalu Abrahatin", sai harshena ya tafi "Ka'annahum fi zuhuril khaili" na fasali na takwas, wanda yake siffanta sahabbai a bayan dawakai. Kari bai karye ba, ƙafiya ba ta sauya ba, na yi gaba abina. Wani dattijo a sahun gaba ne ya ɗaga murya ya mayar da ni. Abin ya daɗe yana damuna, saboda na ɗora siffar sahabbai a inda ake maganar shaiɗanu ban sani ba. Tun daga ranar nake sa ɗalibai su ware shafi guda, su rubuta duk baitocin da farkonsu ya yi kama, kowanne tare da rabin baitin da ya gabace shi.

Ga yadda aikin kullum zai kasance. Da dare zan biya muku baiti uku, ku maimaita a bayana har bakinku ya daidaita, domin kuskuren da aka haddace ya fi wuyar cirewa fiye da sabon karatu. Ku rubuta su da hannunku, a allo ko a takarda. Da asuba, kafin hayaniyar gida, ku karanta kowane baiti sau goma kuna kallo, sannan ku kife rubutun ku gwada. Kada ku leƙa da zarar kun ji tsaiko. Ku ɗan yi kokawa da shi tukuna, wannan lalubawar ita take kafa shi. Kuma kada ku taɓa fara ƙarin yau daga kansa: ku faro daga rabin ƙarshe na baitin jiya, ku ƙare da kalmar farko ta baitin gobe, don gaɓar ta shiga cikin haddar.

Murya ɗaya za mu riƙe har mu sauke. Burda a bahrin basiɗ take, kowane baiti rabi biyu, numfashi a tsakiya. In kalma ta faɗi, karin da kansa zai gaya muku akwai giɓi. Na san kuna jin sha'irai daban-daban a waya, kowa da irin tasa rerawar, amma ku bar sauye-sauye sai hadda ta zauna. Amshin "Maulaya salli wa sallim da'iman abada" kuma, ban da ladan salati, lokaci ne da zuciya take ɗauko baiti na gaba. Sai dai ku riƙa yin tilawa wani lokaci babu amshi, don kada ku dogara da shi.

Tishi shi ne wurin da yawanci ake sakaci, saboda sabon ƙari ya fi daɗi. Kullum ku maimaita na kwana biyar da suka wuce. Alhamis babu ƙari, daga farko ne zuwa inda aka tsaya. Malam tela, ƙafarka tana kan keke bakinka yana iya aiki, haka mai tuƙa tuwo da mai tafiya kasuwa. Kowa ya sami abokin saurare, maza da maza, mata da mata, wanda zai riƙe littafi ya jefo masa kalma daga tsakiya ya ce ci gaba. In kun kai rabi, ku riƙa farawa wata rana daga fasali na biyar ko na takwas, domin kowa ya iya farkon Burda, ƙarshenta ne yake zama maraya. Wanda rashin lafiya ko tafiya ta sa ya rasa kwanaki, kada ya haɗa baiti tara a rana ɗaya. Ya zo mu zauna, rarar mako biyun nan saboda irin haka aka bar ta.

An ruwaito cewa Busiri, mutumin Masar da ya rayu a ƙarni na 7 na Hijira kuma kabarinsa yake Iskandariyya, ya tsara ƙasidar nan yana fama da shanyewar ɓarin jiki, ya ga Annabi a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka da lafiya. Mara lafiya mai neman ceto ne ya yi ta, don haka idan kun zo fasali na tara da na goma ku sassauta murya, ku karanta su a matsayin roƙonku.

Ranar Asabar bayan isha'i kowa ya zo da littafinsa da abin rubutu. Zan tambayi zango goma da kalmomin buɗe su, sannan mu biya baiti uku na farko. Allah Ya buɗa mana ƙirji, Ya sa mu ga watan Maulidi lafiya.

Wassalamu alaikum, daga malaminku na ajin dare.