Rahoton aiki: gwama lissafin hannu da kwaikwayon SPICE a amfilifaya mai taransisto ɗaya

Da'irar da aka ba mu amfilifaya ce mai taransisto NPN guda, sigina na shiga ta bes ya fita ta kalekta. Wutar da ke ciyar da ita 12 V ce. Resista biyu ne ke raba wa bes boltej, R1 = 47 kΩ a sama da R2 = 10 kΩ a ƙasa, sannan RC = 4.7 kΩ, RE = 1 kΩ, da kafasita mai 100 µF da ta tsallake RE. An nemi karent ɗin kalekta, da boltej ɗinta, da yawan ninkin da sigina ke samu.

A takarda na bi hanyar da aka saba. Na ɗauka karent ɗin bes bai taka kara ya karya ba, VBE kuma 0.7 V ne. Daga nan VB = 12 × 10/57 = 2.105 V, VE = 1.405 V, IC ≈ 1.405 mA, VC = 12 − 1.405 × 4.7 = 5.40 V. Da boltej ɗin zafi VT = 25 mV, juriyar cikin emita re = VT/IC ta zama 17.8 Ω, ninkin kuma −4700/17.8 ≈ −264.

Ga abin da na ba ngspice, ɗaya daga manhajojin SPICE masu kwaikwayon da'ira a kwamfuta:

```
Amfilifaya
VCC 1 0 12
VS 5 0 AC 1
C1 5 2 10u
R1 1 2 47k
R2 2 0 10k
RC 1 3 4.7k
RE 4 0 1k
CE 4 0 100u
Q1 3 2 4 QN
.model QN NPN(IS=1e-14 BF=150 VAF=100)
.op
.ac lin 1 10k 10k
.print ac vm(3)
.end
```

Kafin na duba sakamako na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, domin babban saɓani galibi daga rubutun yake fitowa. A SPICE harafin `M` kashi ɗaya cikin dubu yake nufi, miliyan kuwa `MEG` ne. Ƙafafun taransisto a jere suke: kalekta, bes, emita. Layin farko take ne, ko me aka rubuta a cikinsa ba za a karanta shi a matsayin ɓangaren da'ira ba. Duk waɗannan sun zauna daidai.

Sakamakon `.op` ya ba da VB = 2.033 V, VE = 1.371 V, IC = 1.362 mA, VC = 5.60 V. Na `.ac` a 10 kHz ya ba da ninki 233.

Tazarar IC kusan kashi 3 cikin ɗari ce, kuma da yawa za su rubuta "ya yi daidai" su wuce. Ban yarda a tsaya nan ba, saboda wannan kusancin ruɗi ne. Zato biyu na yi a takarda, kowanne ya ja amsar zuwa nasa ɓangaren, sai suka ci juna.

Na farko shi ne karent ɗin bes. Kwaikwayon ya nuna 8.77 µA, wanda a ido ƙarami ne, amma yana bi ta juriyar Thevenin ta R1 da R2, wato 8.25 kΩ, ya zubar da 72 mV. Shi ya sa VB ya sauko daga 2.105 V zuwa 2.033 V. Na biyu shi ne VBE. SPICE ba ta san 0.7 V ba, tana fitar da shi ne daga IC ≈ IS·exp(VBE/VT), kuma da IS = 1e-14 a wannan karent ɗin ya zo 0.662 V, ƙasa da zatona da 38 mV. Ɗaya ya rage wa emita 72 mV, ɗayan ya mayar mata da 38 mV, saura 34 mV. Ita ce daidai tazarar da ke tsakanin 1.405 V da 1.371 V.

Don in tabbatar, na sake lissafin da β = 150 amma na bar VBE a 0.7 V: IB = 1.405/(8.25 + 151) = 8.82 µA, IC = 1.324 mA. Lissafi ne da ya fi na farko tsanaki, amma ga shi ya tsallake zuwa ɗaya gefen, ya faɗo ƙasa da na SPICE da kusan kashi 3. Wanda ya gyara zato ɗaya ya bar ɗayan zai iya ɗauka gyaran nasa bai amfane shi da komai ba. Sai da na sa VBE = 0.662 V sannan IC ya zo 1.36 mA. Ɗan abin da ya rage na tasirin Early ne: a samfurin Gummel-Poon da SPICE ke amfani da shi, `BF` ba shi ne β na ƙarshe ba, ana ninka shi da 1 + VCB/VAF, wanda a nan ya kai shi kusan 155. Da wannan, takarda da kwamfuta suka haɗu a 1.362 mA.

Ninki ya fi nisa, 264 da 233, kusan kashi 12. Shi ma ana iya bin sawunsa. Saukar IC zuwa 1.362 mA ta mayar da 264 zuwa 256. SPICE tana aiki a zafin 27 °C in ba a faɗa mata wani ba, inda VT yake 25.87 mV, wannan ya kawo shi 247.5. Mafi girman kaso na ro ne, juriyar da taransisto ke nunawa a kalekta, wadda na ɗauka ba ta da iyaka. A samfurin ta kai kusan 76 kΩ, kuma idan ta haɗu da RC a gefe da gefe, 4.7 kΩ ya koma 4.43 kΩ. Sai 52.7 mS × 4.43 kΩ ≈ 233. Babu abin da ya rage ba a san asalinsa ba.

Akwai abin lura game da wannan 233. Allon ya nuna 233 V a kalekta, alhali 12 V ce kaɗai a da'irar. Ba kuskure ba ne: `.ac` tana miƙar da halin taransisto a inda `.op` ta same shi, ta ninka 1 V ɗin da aka ba ta a VS ba tare da duba iyakar wuta ba. Mai son ganin ainihin siffar sigina sai ya koma `.tran`. A can, da shigar 10 mV kawai, saukar kalekta tana fin hawanta, domin karent ba ya bin VBE a miƙe. Lissafin ƙaramin sigina ba zai taɓa nuna wannan ba.

Ban ɗora ko kaɗan daga tazarar a kan kurakuran ƙididdigar injin ba. SPICE tana maimaita lissafi ta hanyar Newton-Raphson har amsa ta tsaya, kuma `RELTOL`, sassaucin da take yarda da shi kafin ta tsaya, na asali 0.001 ne, wanda ba zai haifar da kashi 3 ba, balle 12.

Haɗuwar biyun ba ta ce taransisto na gaske zai ba da 1.362 mA ba. Samfurin nan abu uku kawai na faɗa masa, ba shi da kafasitan cikin taransisto, don haka ba a dogara da shi a manyan mitoci ba. Takardar bayanan taransisto NPN mai lamba 2N3904 ta ba da β daga 100 zuwa 300 a 10 mA. Da na sauya `BF` zuwa waɗannan iyakokin biyu, IC ya tsaya tsakanin 1.33 mA da 1.40 mA, albarkacin RE da ke riƙe shi. Resista masu sassaucin kashi 5 za su iya motsa shi fiye da haka, zafi kuma na rage VBE da kusan 2 mV a kowane digiri. Saboda haka a gwajin teburi zan fara auna R1, R2, RC da RE da mita, in sa ainihin ƙimarsu a kwaikwayon, sannan in auna VB, VE da VC in gwama.