Bayanin Zaman Kwamitin Masallacin Unguwa, Nima, Lahadi 6 ga Afrilu, 2025

An buɗe zama da addu'a bayan La'asar. Mutum 9 suka halarta, Na'ibi ya aiko da uzuri. Wannan bayani na haɗa shi ne daga rubutuna, da abin da Ma'aji ya rubuta a bayan ambulan, da saƙon murya biyu da Magajiya ta turo da dare. Duk maganar da ba a ɗora wa kowa ba, ban kira ta shawara ba.

Kwata ce ta ci rabin zaman. An taɓo ta sau uku, da farko, da tsakiya, da kuma ana shirin tashi, amma magana ɗaya ce: kwatar bayan wurin alwala ta cushe da yashi da ledar ruwa, ga damina a bakin ƙofa. Alhaji Shugaba ya tuna mana ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, da rayukan da aka rasa a Circle, nan cikin Accra, ya ce ba za mu jira Yuni ba. An yanke a yashe ta ranar Asabar 26 ga Afrilu, da zarar an idar da Asuba. Sarkin Samari ne mai aikin: ya kawo matasa 15, ya aro shebur da baro, ya ba ni sunayensu kafin Juma'a 18 ga wata. Kwashe abin da aka yaso na Alhaji Shugaba ne, zai ga wakilin unguwa a majalisa kafin 20 ga wata a kan mota. Wannan ya fi damuna, domin bara tulin ya kwana huɗu a bakin hanya, ruwa ya mai da shi inda aka ciro shi.

Kwanon rufin sashen mata yana yoyo a wuri biyu. Ni na rubuta sidi 4,000, Ma'aji ya rubuta 4,500. Na kira shi, ya ce ɗari biyar ɗin ta ƙusa ce da ladan dako. Saboda haka abin da aka amince 4,500 ne. Ma'aji zai biya kafinta rabi ranar 12 ga Afrilu, ragowar sai Magajiya ta duba aikin ta ce ya yi. A gama kafin ƙarshen wata.

Katin wuta: Ladan zai riƙa saye ranar 1 ga kowane wata, ya miƙa wa Ma'aji rasit.

An yi maganar ƙara wa malaman makarantar allo alawus, kowa ya ce ya dace, amma ba a faɗi nawa ba, ba a kuma ba kowa aikin ba. Na sa ta farko a zama mai zuwa, Lahadi 4 ga Mayu, bayan La'asar.

Wanda ya ga an ɗora masa abin da bai karɓa ba, don Allah ya same ni kafin Juma'a 11 ga wata. Malam Liman ya rufe da addu'a dab da Magariba.

Sakataren Kwamiti