Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Makaranta Kan Majigin Ajinmu

Maraɗi, 13 ga Janairu 2025

Ranka ya daɗe Malam Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in kawo maka kukana game da majigin da muke darasin kimiyyar halittu da shi. Majigin lafiyarsa lau, wurin ajiye shi ne bai dace ba.

Ɗalibaina 94 ne, huɗu-huɗu a benci. Majigin kuwa kan teburina nake ɗora shi, kusa da bango, shi ya sa tsayin hoton bai wuce santimita 70 ba, rabinsa kuma kawunan ƴan gaba sun tare. Ranar Alhamis ina nuna yadda jini ke zagayawa a zuciya, sai na hango wata yarinya a bencin ƙarshe ta durƙusa bisa benci, ta matse ido, tana kwafa daga littafin maƙwabciyarta. Da na duba, duk su biyun sun juya sunayen jijiyoyin. Abin ya tsaya mini a rai, domin yarinyar mai ƙoƙari ce.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce nisan mai zaman ƙarshe kada ya wuce tsayin hoto sau 6. Bencinmu na baya yana mita 8 daga bango, ke nan muna bukatar hoto mai tsayin kamar mita 1 da santimita 35. Na gwada da yamma bayan an tashi: idan majigin ya ja baya zuwa mita 3 da rabi daga bango, hoton yana kai haka.

Shawarata ita ce a rataye shi sama. Mai walda ya ƙera mana kejin ƙarfe mai kwaɗo, buɗaɗɗe ta gefe don iska, a ɗaure a ƙarfen rufi amma a sauko da shi nesa da kwano, saboda zafin Afrilu. A shafe bangon gefen allo da farin fenti marar ƙyalli, gindin hoton ya fi kan yaro a zaune. Sai wayar HDMI mai kai hoto ga majigin, ta mita 10, ta bi bango zuwa teburina, da labule mai kauri a tagogi biyu na gaba kawai. Na baya a bar su buɗe, yara su sha iska.

Na zaga babbar kasuwa na tambayi farashi, duka ba zai wuce jaka 45 ba. In kwamitin iyaye ya samu hali, a ƙara ƙaramin batirin riƙe wuta, domin ɗaukewar wuta ba zato tana hana fankar majigin huce ƙwansa, ta rage masa kwana. Kakkaɓe ƙurar hunturu daga matacin iskarsa kuwa na ɗauka, kowace Juma'a.

Ina roƙonka ka leƙo ajin jibi Laraba da ƙarfe 10, ka zauna a bencin baya minti biyar ka gani da idonka.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Malam Isufu, malamin kimiyyar halittu