Sanarwar fasa shago da neman diyya: inshora mai lamba 4471/0926

Zuwa ga Shugaban Sashen Biyan Diyya,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ku cewa ɓarayi sun fasa shagon ɗinkin da nake haya, wanda na yi wa kayan cikinsa inshora a wurinku, a daren Talata 14 ga Oktoba 2025. Ni da kaina na rufe shagon da ƙarfe 9 na dare, na sa kwaɗo biyu kamar kullum. Da safiyar Laraba, wajen ƙarfe 7, yarona ya tarar an yanke kwaɗunan, an kuma ɓalle ƙofar ƙarfen daga ƙasa. Ba mu taɓa komai ba sai da 'yan sanda suka zo suka duba.

Ga abin da aka kwashe:

1. Kekunan ɗinki masu aiki da lantarki guda 3. Lambobinsu na jikin rasit.
2. Injin aikin wuya guda 1. Shi ne mafi tsada a shagon, watansa biyar kacal da saye, kuma rashinsa ne ya fi tsayar mana da aiki.
3. Ƙaramin janareta 1, har da sarƙar da aka ɗaure shi da ita.
4. Dutsen guga na lantarki guda 2.
5. Yadi bandir 6, nawa na kaina.
6. Kayan masu kawo ɗinki kala 17, waɗansu an gama, waɗansu ko yankawa ba a yi ba.

Kuɗi kam ba a ɗauka ba, don ba na barin ciniki ya kwana a shago.

Abu na shida ne ya fi damuna. Kayan amana ne, masu su kuma sun fara zarya. Ina roƙon ku bayyana mini a rubuce ko yarjejeniyarmu ta haɗa da kayan mutane da ke hannuna, don in san abin da zan faɗa musu. Sunayensu da irin kayan kowa suna cikin littafin karɓar ɗinki, wanda Allah ya sa ɓarayin suka bari.

Ƙofar kuwa ta mai gini ce, ban sa ta cikin lissafi ba. Na dai sa an yi mata walda ta wucin gadi bayan na ɗauki hotuna, don kada sauran kayan su kwana a buɗe. Yankakkun kwaɗunan na nan a ajiye.

Na haɗo da rahoton 'yan sanda mai kwanan wata 15 ga Oktoba, rasit na kaya na 1 zuwa na 5, takardar haya, shafukan littafin ɗinki da hotuna 9. Rasit ɗin dutsen guga ɗaya ya ɓace, na dai samo kwafinsa daga dillalin.

Don Allah a turo mini fom ɗin neman diyya, a kuma sanar da ni ranar da jami'inku zai zo duba shagon. Ina nan kullum daga ƙarfe 8 na safe.

Na gode.

Naku,
Sani Garba
16 ga Oktoba 2025