Sanarwa ga Malamai kan Sabon Tsarin Gwajin Cikin Zango da Ranakun Miƙa Maki

Daga: Mataimakin Shugaban Makaranta mai kula da harkokin karatu
Zuwa: Dukkan malamai, malaman aji da shugabannin sassa
Kwafi: Shugaban Makaranta da jami'in jarrabawa
Rana: Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Assalamu alaikum, malamai. Barkanmu da dawowa daga hutu.

Bisa matsayar da kwamitin harkokin karatu ya cim ma, kuma shugaban makaranta ya amince da ita, tsarin gwajin cikin zango zai canza daga wannan zango na farko da za mu fara ranar Litinin, 15 ga Satumba. Canjin ya shafi kowane darasi, daga aji ɗaya zuwa aji shida.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga kowa. A da, malami yana riƙe makin cikin zango a wurinsa har sai an gama jarrabawa, sannan ya haɗa komai ya kawo lokaci guda. Abin da hakan ya haifar shi ne, ba ma gane yaro yana baya sai zango ya ƙare, lokacin da babu sauran abin da za a yi masa. A zangon da ya wuce an samu ajin da kusan kowa ya ci maki iri ɗaya a gwaji, amma da aka zo jarrabawa rabin ajin suka faɗi. Da iyaye suka nemi ganin takardun gwajin, ba a same su ba. Ba na zargin kowa da ƙirƙirar maki. Tsarin ne ya bar wannan ƙofa a buɗe, shi ya sa muka ga ya dace a gyara shi.

Yadda za a raba maki

Daga yanzu aikin cikin zango yana da maki 40, jarrabawar ƙarshe 60, maimakon 30 da 70 da muke yi a baya. Maki 40 ɗin kashi huɗu ne: gwaji na farko 10, gwaji na biyu 10, aikin aji da aikin gida 10, sai aikin bincike ko aikin hannu 10.

Gwaje-gwajen biyu a rubuce za a yi su, cikin lokacin darasi, kuma shugaban sashe zai ga tambayoyin kwana uku kafin ranar. Idan malamai biyu suna koyar da darasi ɗaya a rukuni daban-daban na aji guda, su zauna su fitar da tambayoyi tare. Ba adalci ba ne ɗan 2A ya sha wuya kafin ya samu maki 6 alhali ɗan 2B ya kwashi 9 a ɓagas.

Makin aikin aji da na gida zai fito ne daga ayyuka aƙalla huɗu da aka duba aka sa hannu a littafin ɗalibi, a ɗauki matsakaicinsu. Kwafar rubutun allo ba ta cikin lissafi. Haka kuma ladabi, tsabta da zuwa makaranta kan lokaci suna da gurbinsu a takardar sakamako, wanda malamin aji ke cikewa, don haka kada a ƙara wa yaro maki a Lissafi domin yana da kunya, kada kuma a rage masa a Kimiyya domin yana da surutu. Aikin bincike kuwa, in an ba da shi a rukuni, kada rukunin ya wuce mutum biyar, kuma rabin makin ya fito daga tambayar da za a yi wa kowane ɗalibi shi kaɗai. Duk mun san yadda mutum ɗaya kan yi aikin, huɗu su rubuta sunansu.

Malami yana iya duba gwaji bisa kowace jimla ya ga dama, amma ya mayar da ita bisa 10 kafin ya shigar. Wanda ya ci 18 bisa 25 ya samu 7.2, a rubuta 7. Daga rabi zuwa sama a cika: 7.5 ya zama 8.

Ranakun miƙa maki

Kowace rana a ƙasa, wa'adin yana cika ne da ƙarfe 12 na rana.

Gwaji na farko: a yi shi a mako na huɗu, 6 zuwa 10 ga Oktoba, a miƙa maki ranar Alhamis, 16 ga Oktoba.
Gwaji na biyu: mako na takwas, 3 zuwa 7 ga Nuwamba; a miƙa ranar Alhamis, 13 ga Nuwamba.
Aikin aji, aikin gida da aikin bincike: a miƙa ranar Alhamis, 20 ga Nuwamba.
Jarrabawar ƙarshe: 1 zuwa 10 ga Disamba, a miƙa ranar Litinin, 15 ga Disamba.

Za a raba sakamako ranar Juma'a, 19 ga Disamba. Kwana huɗu ke nan tsakanin wa'adi na ƙarshe da rabon sakamako, kuma a cikinsu ne malaman aji za su harhaɗa, su fitar da matsayi, su rubuta sharhi. Darasi ɗaya ya makara, ajin gaba ɗaya ya tsaya.

Yadda za a miƙa

A cike takardar maki ta hannu da biro, shugaban sashe ya sa hannu, sannan a shigar da makin a fayil ɗin da jami'in jarrabawa zai raba. A sa wa fayil suna da darasi, aji da gwaji, kamar haka:

```
Lissafi_2B_Gwaji1
```

Kada a taɓa layin jimla, yana lissafa kansa. Kada kuma a sauya jerin sunaye ko a goge wani. In an ga kuskure, a sanar da malamin aji.

Abu guda da nake roƙon a kiyaye sosai shi ne bambanci tsakanin sifiri da rashin halarta. Sifiri na wanda ya zauna gwaji bai ci komai ba ne. Wanda bai zo ba, a rubuta masa ABS. Kada a bar gurbi fanko, domin ba mu da hanyar sanin ko mantuwa ce. Ɗalibin da ya kawo uzuri karɓaɓɓe, kamar takardar asibiti ko wasiƙar iyaye da malamin aji ya tabbatar, a yi masa gwajin ramuwa da wasu tambayoyin daban cikin mako ɗaya da dawowarsa. Wanda ba shi da uzuri, ofishina ne zai mayar da nasa sifiri bayan an tuntuɓi iyayensa, ba malami ba.

Bayan miƙa maki

A mayar wa ɗalibai takardunsu su ga inda suka yi kuskure, a yi gyara tare a aji, sannan a karɓe su a ajiye har ƙarshen zango na gaba. Shugaban sashe zai zari takardu biyar daga kowane aji ya gwada da abin da aka shigar. Duk makin da aka nemi takardarsa aka rasa, za a soke shi a sake gwajin.

Duk ɗalibin da ya samu ƙasa da 4 a gwaji na farko, malamin aji zai karɓi sunansa kafin 24 ga Oktoba, domin a yi magana da shi da iyayensa tun akwai sauran lokaci.

Da zarar maki ya shiga ofishin jarrabawa, ba a canza shi da baki ko ta waya. Sai da takardar gyara mai sa hannun malami da shugaban sashe, haɗe da takardar ɗalibin.

Na san wasunmu suna da azuzuwa masu ɗalibai fiye da sittin, kuma duba takardu cikin mako ɗaya ba wasa ba ne. Wanda ya ga ba zai iya cika wa'adi ba, ya sanar da ni a rubuce kwana biyu kafin ranar, za a iya ƙara masa har kwana uku, ban da makin jarrabawar ƙarshe. Wanda ya makara bai sanar ba, karo na farko shugaban sashe zai tunatar da shi, karo na biyu zai karɓi takardar neman bayani daga ofishin shugaban makaranta.

Za a yi taron bayani ranar Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe 10 na safe, a ɗakin malamai, inda jami'in jarrabawa zai nuna yadda ake cike fayil ɗin. Kowa ya zo da jadawalin darussansa na zango, ya kuma sa hannu a wurin sakatare cewa ya karɓi wannan takarda.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi.

Mataimakin Shugaban Makaranta
mai kula da harkokin karatu